Harajin Gado a Ingila da Faransa: Kan Tarikar Mamaci ko Kan Rabon Magaji

 

Duk lokacin da aka tayar da maganar harajin gado a majalisa, mutane sukan rabu nan take, wasu su ce zalunci ne a bi marayu da takardar haraji tun ba a share makoki ba, wasu kuma su ce adalci ne a rage wa 'ya'yan masu hannu da shuni abin da ba su yi guminsa ba. Alhali kuwa abin da ake kira da wannan suna ɗaya haraji biyu ne mabambanta, kuma hukuncin da mai hankali zai yanke wa ɗaya ba lalle ne ya hau ɗayan ba. Na farko shi ne wanda ake ɗora wa tarikar mamaci ɗungurungum kafin a raba ta, kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu. Na biyu shi ne wanda ake jira sai an raba, sa'an nan a dubi kowane magaji da abin da ya shiga hannunsa da kusancinsa ga mamacin, kamar yadda ake yi a Faransa da Jamus. Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, wannan bambanci ya fi girman kason harajin muhimmanci, musamman ga iyalin da ke raba gadonsu bisa ilmin fara'ili.

Al'adar tsohuwa ce. Sarki Agustas na Rum ya sanya kashi 5 cikin ɗari a kan gado a shekara ta 6 Miladiyya domin biyan sallamar tsofaffin sojoji, ya kuma keɓe dangi na kusa. Ingila ta kafa harajin tarika na zamani a 1894 a hannun ministan kuɗi Sir William Harcourt, kasonsa mafi tsanani a lokacin 8 cikin ɗari ne kawai. Amurka ta bi sahu a 1916, har kasonta na ƙoli ya kai 77 cikin ɗari daga 1941 zuwa 1976. A yau ƙasashen biyu suna karɓar kashi 40, sai dai nisabinsu ya yi nisa da juna ƙwarai, domin Amurka ba ta taɓa tarikar da ba ta kai kusan dala miliyan 14 ba a 2025, ita kuwa Ingila nisabinta fam 325,000 ne, kuma yana nan inda yake tun 2009, duk da yadda farashin gidaje ya yi ta hawa a tsakani.

Domin kada magana ta tsaya a sama, bari mu ƙaddara wani attajiri Musulmi da ya daɗe yana zaune a Landan tare da iyalinsa, Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata biyu, iyayensa kuwa sun riga shi. Bayan an yi masa sutura an biya basussukansa, abin da ya rage, da gidan da yake ciki da kuɗin banki da hannun jari, ya kama fam 1,200,000, kuma ya bar wasiyya a rubuce cewa a raba yadda Shari'a ta tsara. Matar tana da tumuni, wato fam 150,000. Sauran fam 1,050,000 za a kasa shi shida, kowane namiji ya ɗauki kashi biyu, fam 350,000, kowace mace ta ɗauki kashi ɗaya, fam 175,000.

Hukumar haraji ta Ingila ba ta duba wannan rabo sai ta fuska ɗaya, ita ce me ya tafi wajen matar, domin duk abin da miji ya bar wa matarsa ko mata ta bar wa mijinta ba a karɓar komai a kansa. Saboda haka za a cire fam 150,000. Sa'an nan a cire nisabin fam 325,000, a ƙara da wani rangwamen fam 175,000 wanda ake yi idan gidan zama ya gangara ga 'ya'ya ko jikoki. Abin da ya saura fam 550,000 ne, kashi 40 cikin ɗarinsa kuwa fam 220,000. Wa'adin biya shi ne ƙarshen wata na shida bayan rasuwa, daga nan kuɗin ruwa ya fara hawa, kuma a bisa galibi ba a ba wasiyyi takardar izinin taɓa dukiyar sai ya fara biya, ko da yake an yarda a rarraba harajin gida a kan shekara goma. To, ku lura da abu guda: da ɗa ɗaya tilo mamacin ya bari, ko 'ya'ya goma sha biyu, wannan fam 220,000 ba zai ƙaru ko ya ragu da ko sisi ba.

Yanzu mu dubi maƙwabcinsa Bature mai dukiya daidai da tasa, wanda ya bi al'adar mutanensa ya bar wa matarsa komai. Ranar da ya mutu ba a karɓi komai ba. Tun da bai yi amfani da nisabinsa ba, doka ta yarda ya koma ga matar, ta haɗa da nata, ya zama fam 1,000,000; in ta rasu bayan shekaru dukiyar tana nan yadda take, fam 200,000 kaɗai za a yi wa haraji, 'ya'ya su biya fam 80,000. Ga gida biyu a layi ɗaya, arziki ɗaya, ɗaya ya biya 220,000 nan take, ɗaya ya biya 80,000 bayan jinkiri mai tsawo, ba don wani dalili ba sai don dokar an gina ta a kan zaton cewa dukiya takan bi ta hannun gwauruwa kafin ta isa ga 'ya'ya, fara'ili kuwa yana isar da ita ga 'ya'ya tun ranar farko. Lauyoyin da ke rubuta wa Musulmin Ingila wasiyya sun san wannan, shi ya sa sukan ba da shawarar a ajiye dukiyar amana, matar ta ci moriyarta muddin ranta, domin a sami rangwamen ma'aurata. Amma wannan dabara tana jinkirta wa magada mallakar haƙƙin da ya riga ya tabbata gare su da mutuwar mahaifinsu, don haka ba ta da tsabta a wajen malamai sai da yardar magadan, yardar maraya ƙarami kuwa ba abar dogara ba ce.

Akwai kuma wata mas'ala ta fiƙihu da ke ɓoye a cikin lissafin, wadda ban so in wuce ta da gaggawa. Malamanmu sun jera haƙƙoƙin da ke rataye da tarika, daga kayan jana'iza zuwa bashi, zuwa wasiyya a cikin sulusi, sa'an nan magada. To, a ina harajin zai zauna? In aka ce asara ce da ta faɗa wa rabon 'ya'ya kaɗai, tun da saboda rabonsu aka karɓe shi, matar za ta tafi da fam 150,000 cif, 'ya'ya su raba 830,000, ta zama ta sami fiye da tumunin abin da ya rage a zahiri. In kuwa aka ce a ɗauke shi kamar bashi, a fitar da shi daga kan dukiya kafin rabo, sai tumunin matar ya ragu. Da zarar ya ragu, abin da aka keɓe daga haraji ya ragu, harajin ya ƙaru, tumunin ya sake raguwa, har lissafin ya tsaya a kan haraji wajen fam 231,600 da tumuni wajen fam 121,000. Wato zaɓin da mai rabo ya yi tsakanin fahimta biyu yana iya ƙara wa hukuma fiye da fam 11,000 daga dukiyar marayu, kuma wannan ba abin da za a bar wa wasiyyi ya yanke shi kaɗai cikin ruɗewar makoki ba ne. Wajibi ne mai dukiya ya tambayi malami da lauya tare tun yana da rai, a rubuta abin da aka tsayar.

Sai mu ɗauki wannan iyali mu kai su Faris, mu ƙaddara dukiyar yuro 1,200,000 ce, ba don fam da yuro darajarsu ɗaya ba, sai don lissafi ya yi sauƙin bi. A Faransa ma an yafe wa matar aure tun 2007. Amma kowane ɗa yana da nasa nisabin na yuro 100,000, abin da ya haura kuma ana yi masa haraji hawa-hawa, daga kashi 5 har zuwa 45. Namijin da ya sami 350,000 za a yi masa lissafi a kan 250,000, ya biya wajen yuro 48,200. Macen da ta sami 175,000 za a yi mata a kan 75,000, ta biya wajen 13,200. Jimillar abin da gidan zai biya bai kai yuro 123,000 ba. Da kuwa ɗa ɗaya ne ya kwashe 1,050,000 ɗin duka, da ya haura zuwa matakin kashi 40, ya biya kusan yuro 232,700. Ashe a wannan tsari yawan magada rahama ne, tarin dukiya a hannu ɗaya kuma shi ake hora. Japan ta ɗauki wani abu daga wannan hikima, domin duk da kasonta na ƙoli ya kai 55, nisabinta yen miliyan 30 ne tare da ƙarin miliyan 6 a kan kowane magaji.

Kada dai a ɗauka Faransa aljannar magada ce. Nisan dangantaka yana da tsada a can, har wanda ba dangi ba yakan biya kashi 60 na abin da aka yi masa wasiyya da shi, ɗan'uwa shaƙiƙi ma yakan biya 35 zuwa 45. Saboda haka mamacin da ya bar 'ya mace ɗaya da 'yan'uwa maza a matsayin asaba, rabin dukiyarsa zai faɗa ƙarƙashin kaso mai tsanani. Ban da haka, dokar Faransa ta keɓe wa 'ya'ya wani rabo da wasiyya ba ta isa ta taɓa ba, wanda yake kashi uku cikin huɗu in sun kai uku ko fiye, kuma daidai wa daida ake raba shi. A misalinmu kowane ɗa yana da haƙƙin yuro 225,000 a idon kotu, don haka 'yar da aka ba 175,000 tana da ikon neman cikon 50,000 in ta ga dama. Rabon fara'ili a can yana tsayuwa ne a kan taƙawar magada da yardarsu.

Da wannan misali a hannu za mu fi iya auna hujjojin ɓangarorin biyu. Babbar hujjar masu goyon baya ita ce, gado arziki ne da ke zuwa wa mutum ba da aikinsa ba, kuma ba daidai ba ne a yanki albashin ma'aikaci kowane wata a ƙyale wanda miliyoyi suka faɗo masa rana ɗaya. John Stuart Mill, a littafinsa na 1848 kan tattalin arziki, ya ba da shawarar a iyakance abin da mutum ɗaya zai iya karɓa ta hanyar gado, a bar mai dukiya ya raba yadda ya so. Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka, ya rubuta a 1891 cewa dukiya mai yawa takan kashe zuciyar ɗan da ya gaje ta, kuma wani bincike da masana uku suka wallafa a 1993 daga takardun harajin Amurka ya nuna cewa waɗanda suka gaji kuɗi masu yawa sun fi sauran barin aiki. Abin lura shi ne, duk waɗannan hujjoji a kan magaji suke magana, a kan abin da ya samu da abin da samun zai yi masa. Suna ƙarfafa tsarin Faransa, amma ba su ba da dalilin da zai sa a yi wa 'ya'ya goma sha biyu lissafin ɗa tilo ba.

Masu suka kuma sukan fara da cewa haraji biyu ne a kan kuɗi ɗaya, tun da mamacin ya biya lokacin da yake nema. Wannan gaskiya ne game da albashin da aka tara, amma yana da rauni game da manyan tarikoki, waɗanda akasarinsu hauhawar darajar gida ne da hannun jari da ba a taɓa sayarwa ba, balle a biya harajin riba. A Amurka da Ingila kuwa mutuwa tana shafe wannan tsohuwar riba, magaji ya fara lissafi daga darajar ranar rasuwa. Hujjarsu da ta fi nauyi a wurina ita ce ta rashin tsabar kuɗi. Gona da masana'anta da shago dukiya ce a takarda, amma hukuma kuɗi take karɓa, kuma tana da wa'adi. Lokacin da shugaban kamfanin Samsung, Lee Kun-hee, ya rasu a Oktoba 2020, an bi magadansa harajin da ya haura won tiriliyan 12, suka rarraba biyansa a kan shekara biyar, suna cin bashi suna sayar da hannun jari. In masu irin wannan ƙarfi sun ji jiki, ina ga manomin da gonarsa ta yi daraja amma amfaninta bai taka kara ya karya ba? Wannan tsoro ne ya fito da manoman Birtaniya da motocin nomansu kan titunan Landan a Nuwamba 2024, bayan gwamnati ta sanar da rage rangwamen da take yi wa gonaki.

Sai dai maganin da ake yi wa wannan ciwo shi ke haifar da ciwo na gaba. Da zarar an yafe wa gona da kamfani, sai mai kuɗi ya mayar da kuɗinsa gona da kamfani. Da zarar an ce kyautar da aka yi shekara bakwai kafin mutuwa ta kuɓuta, kamar yadda dokar Ingila ta ce, sai wanda ke da rarar da zai bayar tun da wuri ya tsira, wanda kuwa duk arzikinsa gidan da yake kwana ne, ba shi da abin kyautarwa, shi ne zai biya. Kotun tsarin mulki ta Jamus ta yanke a 2014 cewa rangwamen da ake yi wa kamfanoni ya wuce kima har ya saɓa wa daidaito. Sakamakon duk wannan shi ne abin da ke shiga baitulmali kaɗan ne: rahoton ƙungiyar OECD na 2021 ya nuna ƙasashe 24 daga cikin mambobinta suna karɓar harajin, amma a matsakaici bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin harajinsu ba.

Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka yar da shi, ko da yake ba hanya ɗaya suka bi ba. A Ostireliya jihar Queensland ce ta fara sokewa a 1977, sauran jihohi suka ji tsoron tsofaffi masu dukiya za su kwashe su koma can, suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, gwamnatin tarayya ma ta soke nata a 1979. Indiya ta soke a 1985, Suwidin kuma, duk da shahararta da yawan haraji, ta soke a 2004. Kanada ce ta yi abin da ya cancanci nazari, domin da ta soke a 1972 sai ta ƙaddara cewa mamaci ya sayar da kadarorinsa ranar da ya mutu, a karɓi harajin ribar da suka yi tun ranar da ya saye su. Ta haka ta toshe ƙofar ribar da ba a taɓa yi wa haraji ba, ba ta kuma taɓa asalin abin da mutum ya tara da guminsa ba. Saboda haka in an ce wata ƙasa ba ta da harajin gado, sai a tambaya me take karɓa a madadinsa.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga wannan muhawara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu da sunan gado a cikin zaluncin sarakunan Haɓe, dattawanmu kuma suna tune da ushirar da ake cirewa in alƙali ya raba gado. Nijeriya ta kafa haraji a kan dukiyar da ta sauya hannu ta kyauta ko ta mutuwa a 1979, ta soke shi a 1996, kuma kowa ya ga yadda hankalin jama'ar Arewa ya tashi a 2024 da aka yi zaton sababbin ƙudurorin haraji za su dawo da shi, har sai da masu tsara su suka fito suka ce babu shi a ciki. Damuwar tana da tushe, domin Allah Maɗaukaki da kansa ya yanka wa kowane magaji rabonsa, kuma a mazhabar Malikiyya baitulmali ba ya shiga sahun masu gado sai inda aka rasa asaba. Fara'ili kuma yana yin babban ɓangare na aikin da Mill yake nema, tun da yana hana mutum tattara wa ɗa ɗaya komai, yana kuma farfasa dukiya a kowane zamani tsakanin mata da 'ya'ya da iyaye.

Ra'ayina shi ne, tsarin Ingila ba shi da wurin zama a ƙasar da gida ɗaya kan tara magada ashirin, domin zai ɗauki tarikar da kowane magaji zai fita da abin da bai isa ya sayi fili ba, ya yi mata hukuncin dukiyar attajiri. Tsarin da ke duban hannun magaji ya fi kusa da adalci, kuma shi ne ya fi sauƙin kariya a fiƙihu, tun da ba ya taɓa kason da aka yanka, sai dai ya bi mutum a kan abin da ya riga ya mallaka. Amma ko shi ba ya tsayuwa sai inda filaye ke da rajista, akwai masu ƙiyasta daraja amintattu, ana kuma rubuta mutuwa, in ba haka ba zai faɗa kan ma'aikacin da haƙƙoƙinsa ke banki ya ƙyale mai shanu dubu da filayen da ba su da takarda.

Abin da ya fi gaggawa ga mutanenmu a yanzu yana ƙetare ne. Tun daga Afrilu 2025 Birtaniya ta sauya ma'auninta, ta ce duk wanda ya zauna a ƙasar shekara 10 daga cikin 20 da suka gabaci rasuwarsa, dukiyarsa ta ko'ina a duniya tana cikin lissafi. Likita ko ɗan kasuwar da ya kai wannan adadi a Landan ko Manchester, gidan da ya gina a Kano da gonar da ya gada a Katsina za a ƙiyasta su a haɗa da tarikarsa, a nemi kashi 40 na abin da ya haura nisabi, kuma a fam za a biya, cikin wata shida, ko da magadan da ke zaune a gidan ba su taɓa taka ƙasar Ingila ba.